Shafi ɗaya na gina sau biyu: a Wix, sannan a WordPress

Kawuna baduku ne a Wadata, nan Yamai. Jakunkuna yake yi, da takalma, da matasan fata irin na zaure. Ni ke riƙe masa littafin lissafi, don haka da masu saye daga waje suka fara tambaya ko yana da shafi a intanet, ni aka waiwaya aka kalla. Ban taɓa karanta ilimin kwamfuta ba. Na iya rubuta wasiƙa da jera lissafi a tebur, iyakata ke nan.

Abin da muke so bai da yawa: shafin farko mai hoto da gaisuwa, shafin jakunkuna, shafin takalma da matasai, ɗan tarihin Kawu da sana'arsa, sai inda za a same mu. Kaya wajen 40, kowanne da hoto da farashi. Da na tambayi mutane sai shawara ta rabu biyu. Wasu suka ce in je Wix, kamfanin da ake gina shafi a wurinsa, in ja hoto da rubutu in ajiye, kafin la'asar na gama. Wasu suka ce kada in ɓata lokaci, WordPress ne shafi na gaskiya. Babu wanda ya iya gaya mini dalili ta yadda zan gane, shi ya sa na gina abu ɗaya a wurare biyun, na ga da idona.

Da Wix na fara, kuma gaskiya masu yabonsa ba su yi ƙarya ba. Adireshin imel kawai ya nema. Ya yi mini 'yan tambayoyi a kan irin sana'ar, ya shimfiɗo mini samfuran shafuka da aka riga aka ƙawata, na zaɓi na wani shagon kayan hannu. Daga nan aikin duk na linzami ne. Ka danna hoton da ke ciki ka maye gurbinsa da naka, ka danna rubutu ka goge ka sa naka, in akwati bai yi maka a hagu ba ka ja shi dama. Abin da kake gani shi ne abin da mai ziyara zai gani. Da na danna Publier na ga jakar Kawu a intanet, sai da na kira shi ya zo ya duba.

Daɗin ya ragu da na buɗe shafin a waya. A wannan editan na Wix, kowane abu yana zama daidai inda ka ajiye shi a babban allo, sannan shi ya yi ƙoƙarin jera su a kan allon waya. Inda na bar samfurin yadda yake, komai ya zauna daidai. Inda na yi ta jan abubuwa yadda raina ya so, farashin wata jaka ya koma ƙarƙashin hoton wata, wani rubutu kuma ya bar fili fari mai tsawo a bayansa. Akwai alamar waya a saman editan, in ka danna ta sai ka sami wani allo dabam inda za ka sake jera komai don masu waya. Wato aikin kashi biyu ne, kuma kashi na biyun ya fi muhimmanci, don kusan duk wanda zai duba kayan Kawu da waya zai duba. Wanda zai bi wannan hanya, duk sashen da ya gama ya leƙa allon wayar nan take, kada ya bari sai ƙarshe.

Editan kansa yana da nauyi. A kwamfuta ake aiki da shi, cikin burauza, kuma yana son rezo mai ƙarfi. Da forfen wayata nake haɗa kwamfutar, to in rezo ya yi sanyi da yamma sai in ja hoto ya tsaya cak, in jira. Da sassafe ya fi tafiya.

Sai maganar kyauta. Kyautar gaskiya ce, amma da sharaɗi biyu. Adireshin shafin yana ɗauke da sunan Wix, wani abu mai kama da wannan:

```
sunanka.wixsite.com/sunan-shafi
```

Sannan akwai tallar Wix manne a saman kowane shafi. Wurin ajiya megabait 500 ne, wanda ya ishe mu in an rage hotuna. Kawu da ya ga adireshin sai ya ce, "Ɗana, wannan ai ba ya shiga kan katin da nake ba mutane." Gaskiyarsa. In kana son sunanka kaɗai, mai ƙarewa da .com, kuma a cire tallar, dole ka shiga tsarin biya. Lokacin da na duba, mafi araha ya haura yuro 10 a wata in ka biya shekara gaba ɗaya. Tunda yuro ɗaya kusan sefa 656 ne ba ya motsi, lissafin bai da wuya: yuro 120 a shekara ya kusa jika 79, kuma abin ya ɗan fi haka. Farashin nasu yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma sukan yi ragi a shekarar farko, don haka lambar da ya kamata mutum ya nema ita ce ta sabuntawa.

Biyan ma wani aiki ne. Katin banki mai aiki a intanet suke karɓa, Visa ko Mastercard, ba kuɗin waya ba. Mafi yawan masu sana'a a nan ba su da shi. Ana samun kati irin wanda ake zuba wa kuɗi kafin a yi amfani da shi, amma sai ka tuna ranar sabuntawa ka tabbata akwai kuɗi a ciki. In ranar ta zo katin babu komai kuma ba a gyara ba, shafin yana komawa matsayin kyauta, sunan da aka buga a kati ya daina kai mutane wurinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa ba kuɗin ba ne. Na so in gwada wani samfurin da na ga ya fi dacewa da kayan fata, sai na tarar ba a sauya samfuri a shafin da aka riga aka gina. Sai dai ka buɗe sabon shafi ka sake zuba komai. Daga nan na bincika yadda ake fita gaba ɗaya, na ga shafin da aka gina a Wix ba ya ɗaukuwa zuwa wani kamfani. Hotunanka naka ne, rubutunka naka ne, jerin kayan shago ma ana iya fitar da shi a tebur, amma ginin kansa a can yake zama. Ba ɓoye wannan suke yi ba, yana cikin bayanansu, sai dai ba wanda ke karanta shi ranar farko.

Na ɗan leƙa wasu biyu. Squarespace ya fi tsari a ido amma ba shi da na kyauta, gwajin kwana 14 ne kawai sannan biya. Google Sites kyauta ne, ba talla, ba nauyi, har ana iya haɗa shi da sunan da ka saya, amma kwalliyarsa kaɗan ce, ya fi kama da allon sanarwa. Ga makaranta ko ƙungiya da ke son a san inda take da lambarta, ya wadatar. Ga kaya 40 masu son a gan su da kyau, bai yi mini ba.

WordPress kuwa tun a bakin ƙofa ya rikita ni, don abu biyu ne ke amsa sunan. Akwai WordPress.com, kamfani ne da ke ba ka wuri kamar yadda Wix ke yi, da na kyauta da na biya. Akwai kuma manhajar kanta da ke WordPress.org, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, kyauta ce, kowa na iya ɗauka ya girka inda ya ga dama. Ita mutane ke nufi in sun ce sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kanta suke. Ita na nufa.

Manhajar kyauta ce, amma sai ka tanadi abu biyu da kuɗinka. Na farko domen, wato sunan shafin, wanda ake biya shekara-shekara, na.com yakan kama tsakanin jika 7 zuwa 10. Na biyu masauki, wato wuri a kan wata kwamfuta da ba ta mutuwa dare da rana, inda fayilolin shafin za su zauna. Na sami wani ƙaramin kamfani da ke sayar da masauki da sefa kuma yana karɓar kuɗin waya, na biya jika 35 na shekara. Ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Abdou Moumouni ita ta raka ni a wannan matakin, kuma ita ta nace a kan abu ɗaya: "Yaya, domen ɗin da sunan Kawu za a rubuta shi, da imel ɗin da ku ke riƙe da kalmar sirrinsa. Kada ka yarda mai masauki ko wani mai gyara ya sa nasa." Dalilinta shi ne wanda sunansa ke kan domen shi ne mai shafi. In kun ɓata da wanda ya gina muku, ko ya yi tafiya ya canza lamba, masauki ana sake wani, amma suna in ya tafi da shi sai roƙo.

Girkawar ba ta kai yadda na ji tsoro ba. Mai masauki ya turo mini hanyar shiga wani allo mai suna cPanel, a ciki akwai Softaculous mai girka manhajoji, na danna WordPress, na cika sunan shafi da sunan mai gudanarwa da kalmar sirri, cikin 'yan mintoci ya gama. Sunan mai gudanarwar kada ya zama admin, don shi ne farkon abin da masu fasa shafuka ke gwadawa. Daga nan kullum ta wannan ƙofar ake shiga:

```
sunanshafinka.com/wp-admin
```

Abin da na tarar a ciki shi ne ainihin bambancin. A Wix shafinka kake gani kana taɓawa. A nan Tableau de bord ne ya tarbe ni, da dogon jeri a hagu: Articles, Médias, Pages, Apparence, Extensions, Réglages. Shafin kansa da na leƙa, fari ne fes da wani rubutun gwaji. Babu abin da ke gaya maka ta ina za ka fara. Na ɗauki lokaci kafin in gane cewa Articles na labarai ne masu jeruwa bisa kwanan wata, Pages kuma su ne shafukan da ke zaune daram, irin waɗanda nake so. Na gane kuma cewa rubutu da hotuna a gefe guda suke, kwalliya a wani gefen, a hannun abin da ake kira tem. Wannan rabuwar ita ke wahalar da sabon shiga, kuma ita ce ke ba ka damar sauya kamannin shafi gaba ɗaya ba tare da ka sake rubuta ko kalma ɗaya ba.

Saituna uku ne na ga in ba a taɓa su ba shafin ba ya zama daidai. A Réglages, ƙarƙashin Permaliens, na zaɓi Titre de la publication, don adireshin shafin jakunkuna ya ƙare da kalmar jakunkuna maimakon wasu lambobi. A ƙarƙashin Lecture na zaɓi Une page statique na nuna masa shafin farko, in ba haka ba jerin labarai zai riƙa nuna wa baƙi. A wannan wurin dai akwai wani ɗan akwati da ke roƙon injunan bincike kada su jera shafin. In an bar shi da alama, sai a yi wata da watanni ana mamakin abin da ya sa Google bai san da ku ba. Sannan na tabbatar adireshin yana farawa da https, da 'yar alamar tsaro a gefensa. Takardar tsaron kyauta ce ta Let's Encrypt, mafi yawan masu masauki suna kunna ta da kansu, wanda ya ce sai ka biya ta dabam ka tambaye shi dalili.

Tem ɗin da na ɗauka Astra ne, na kyauta, don ba shi da nauyi. Shafukan kuma da editan WordPress na gina su, wanda tun ƙarshen 2018 yake aiki da tubala: tubalin rubutu, tubalin hoto, tubalin ginshiƙai, kana ɗora wani kan wani. Bai ba ni 'yancin ajiye abu duk inda na so kamar Wix ba, amma saboda wannan takurar, da na buɗe a waya ginshiƙan sun jeru da kansu, hoto sama, farashi ƙasa. A nan ne na gane cewa rabon da ake yi, wai ja-ka-ajiye a gefe WordPress a gefe, bai cika daidai ba. Akwai fulogin, wato ƙarin manhaja da ake sawa ta Extensions, mai suna Elementor, da ke mayar da WordPress ja-ka-ajiye sosai. Na gwada shi, yana da daɗin aiki, amma ya ƙara wa shafukan nauyi kuma ya ƙara abin da zan koya, sai na cire.

Hotuna sun fi komai cin lokaci, kuma wannan bai da alaƙa da wanda ka zaɓa. Hoton waya ɗaya yakan kai megabait 3 zuwa 5. Ka jera 20 a shafi guda, ka ɗora wa mai ziyara kusan megabait 80, ga forfe da tsada, ga rezo da jinkiri. Kafin jaka ta uku ta fito ya rufe. Wix yana rage hotuna da kansa lokacin nuna su. WordPress ma yana yanka ƙananan kwafi, amma ba a dogara da shi kaɗai. Na mayar da kowane hoto faɗin fiksel 1200, nauyinsa ya sauko ƙasa da kilobait 200, kafin in ɗora. Hoton fata kuma a inuwa ake ɗaukarsa da safe, a kan farin ƙyalle. Ranar Yamai tana cinye launin jan fata ta mayar da shi kamar ƙasa.

Mun yi shawarar kwandon saye, irin wanda mutum zai biya a shafin kai tsaye, muka bar shi. Tsarin karɓar kuɗi na Wix bai haɗa da Nijar ba, Stripe, kamfanin karɓar kuɗi ta kati a intanet, ma haka. A WordPress akwai WooCommerce, fulogin na shago, kuma wasu kamfanonin yankinmu masu haɗa biyan kuɗin waya suna da fulogin da ke shiga cikinsa, don haka ƙofar a buɗe take in an buƙata, bayan an yi rajista da takardun kasuwanci. Amma masu sayen Kawu ba haka suke ciniki ba. Sai sun tambayi girma, sun nemi a canza launi, sun taya. Maɓallin WhatsApp kawai muka sa ƙarƙashin kowane kaya:

```
https://wa.me/227XXXXXXXX
```

Lambar ƙasa 227 ce a gaba, sai lambobi takwas na waya, babu alamar tarawa, babu sifili biyu, babu tazara. Wannan yana aiki iri ɗaya a Wix da WordPress, kuma shi ne ya fi kowane abu a shafin kawo ciniki. Kuɗi kuma ta kamfanonin aika kuɗi suke zuwa kamar da.

Inda WordPress ke karɓar hakkinsa shi ne bayan an gama. A Wix ba ruwanka da sabunta manhaja ko tsaro, su ke yi. A nan kai ne mai gadi. Kusan duk shigar da zan yi sai na ga jan lamba kusa da Mises à jour, ko manhajar, ko tem, ko wani fulogin yana son a sabunta. In ka ƙyale su, ta tsohon fulogin ɓarayi suka fi shiga, kuma alamar an shiga ita ce ka ga shafinka yana tura mutane wani wuri, ko Google ya fara nuna wasu rubuce-rubucen talla da sunanka. In ka sabunta kuma, wani lokaci sabon ba ya jituwa da sauran. Ya faru da mu: na sabunta wani fulogin na jera hotuna, shafin gaba ɗaya ya koma layi ɗaya, "Il y a eu une erreur critique sur ce site." Gyaran bai yi wuya ba da ƙanwata ta nuna mini. WordPress yana aika wasiƙa zuwa imel ɗin mai gudanarwa, da sunan abin da ya jawo matsalar da wata hanyar shiga ta musamman. Ka shiga, ka kashe fulogin ɗin, shafi ya dawo. In wasiƙar ba ta zo ba, ana shiga cPanel, a buɗe jakar wp-content/plugins, a canza wa jakar fulogin ɗin suna, sai ya mutu da kansa. Mai sauƙi ne ga wanda aka nuna wa. Wanda ba shi da mai nuna masa kuwa, shafinsa zai kwana a rufe.

Tun daga nan na tsayar da ƙa'ida. Fulogin huɗu kawai muke da su. Kafin kowace sabuntawa ina ɗaukar kwafin ajiya da UpdraftPlus, wanda ke tura shi Google Drive, don kwafin da ke zaune a masauki ɗaya da shafin, in masaukin ya tafi tare za su tafi. Ina sabunta su ɗaya bayan ɗaya, ina leƙa shafin a tsakani, kuma ba na farawa in batirin kwamfuta ya yi ƙasa a lokacin zafi da kuran ke yawan ɗaukewa. Duka bai fi rabin awa ba a wata, amma rabin awa ne da dole wani ya ɗauka a wuyansa.

Da na zauna da Kawu don mu yanke, ban kawo masa maganar tem ko fulogin ba. Na ce masa dukansu haya ne. Ɗaya shago ne da aka gyara, da kanta da fitila da mai shara, amma ran tashi kayanka kawai za ka ɗauka, kantar ta mai gida ce. Ɗayan ɗaki ne ba komai, kai za ka kafa kanta ka yi shara, amma ran tashi har ƙusa kana cirewa ka kai wani wuri. Ya tambayi kuɗi, na ce WordPress da domen da masauki wajen jika 45 a shekara, Wix kusan ninki biyu, kuma da kati. Ya ce, "To wa zai yi sharar?" Na ce ni, in ta gagara ga ƙanwata. Ya ce a bar na WordPress.

Da ba ni da ita a kusa, ko da aikina bai bar mini wannan rabin awar ba, Wix zan biya, ban kuwa ga asara a ciki ba. Wata maƙwabciyarmu mai ɗinki ta tambaye ni bayan haka. Hotuna goma take son nunawa da lambar waya, ba ta da kwamfuta sai in ta ara, ba ta da mai duba mata. Na ce ta fara da Google Sites ko Wix na kyauta, ta sayi domen da sunanta a wani wuri dabam tun yanzu ko da ba ta haɗa shi ba tukuna, ta kuma adana hotunanta da rubutunta a jaka guda a waje, don in ta tashi sauya wuri aikin ya zama na sake jerawa kawai. Ta zaɓi Google Sites, saboda shi ne zai bar ta ta haɗa sunan ba tare da biyan wata-wata ba.